Lambobin da suka maimaita kansu: yadda aka janye maƙalun gizo-gizo uku, da abin da ɗalibi zai yi idan ya ga kuskure a aikinsa da aka buga

A ƙarshen shekarar 2019 wani saƙon imel ya shigo wa Kate Laskowski, wadda ba ta daɗe da kama aikin koyarwa a Jami'ar California da ke Davis ba. Wani masanin halayyar dabbobi mai suna Niels Dingemanse ne ya rubuto, yana tambaya a kan wata maƙala da ta fito da sunanta a gaba a mujallar The American Naturalist a 2016. Mujallar tana tilasta wa marubuta su ajiye bayanan bincikensu a buɗaɗɗen rumbu irin na Dryad, inda kowa zai iya saukewa. Wasu sun sauke, sun duba, sun ga lambobi suna maimaita kansu fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Asalin aikin ya faro ne tun tana ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Illinois. Tambayar da take bi ita ce: idan dabbobi suka daɗe suna zaune tare a rukuni ɗaya, shin kowace tana ƙara tsayawa a kan halinta, mai tsoro ta ƙara tabbata a tsoro, mai ƙarfin hali ta ƙara tabbata a nata? Ta gwada a kifi ba ta samu hujja ba. Sai ta haɗa gwiwa da Jonathan Pruitt, wanda ya yi suna a binciken wani jinsin gizo-gizo mai zaman gayya a kudancin Afirka, Stegodyphus. Aka raba aiki: a ɗakin gwajinsa za a yi awo, a turo mata lambobi a fayil, ita kuma ta yi lissafi ta rubuta. Maƙalu uku suka fito daga wannan haɗin gwiwa, biyu a 2014 a Proceedings of the Royal Society B da Biology Letters, sai ta 2016 ɗin. Dukkansu sun goyi bayan hasashen.

Ya kamata a fahimci yadda ake awon, domin a nan maganar take. Ana ajiye gizo-gizo a mazubi, a hura masa iska sau biyu da ɗan famfon roba, kamar dai wani mai farautarsa ya tunkaro shi. Sai ya dunƙule ƙafafunsa ya yi lamo. Mai awo ya danna agogo, ya jira har ya sake motsi. Wanda ya yi saurin warwarewa shi ne mai ƙarfin hali. Idan aka kai sakan 600 bai motsa ba, a tsayar a rubuta 600. Sauran lokutan kuwa ana rubuta su har da lambobi biyu bayan ɗigo, kamar 143.27.

Mu yi ɗan lissafi da kanmu. Tsakanin sifili da 600, idan ana rubuta lambobi biyu bayan ɗigo, akwai ƙima 60,000 da awo zai iya faɗawa a kai. A ce an yi awo 200. Idan aka haɗa su bibbiyu za a samu haɗi 19,900, a raba da 60,000, amsar ba ta kai rabin ɗaya ba. Wato a awo 200 da wuya a samu ko da biyu da suka yi daidai ƙwabo da ƙwabo. Ko da an ce yawancin gizo-gizon suna motsawa cikin sakan 100 na farko, ƙima 10,000 ke nan, maimaici biyu ko makamancin haka ake sa ran gani. Lambar 600 kaɗai ce ke da uzurin yawaita, tunda ita ce iyaka. Don haka idan aka ga gwammai na lambobi irin 143.27 suna dawowa, akwai dalili, kuma dole a nemo shi. Ba a ce ƙage ba tukuna. An dai ce ba sa'a ba ce.

Laskowski ta tambayi Pruitt. Amsarsa ita ce ana auna gizo-gizo da yawa a lokaci guda, don haka waɗanda suka motsa tare sukan samu lokaci ɗaya. Wannan bayani ne mai shiga hankali, kuma irinsa yana faruwa a ɗakunan gwaji. Abin da ya sa muke ɗaukar wannan lamari a matsayin abin koyi shi ne matakin da ya biyo baya: ba ta ɗauki bayanin a matsayin rufe magana ba, ta koma kan fayil ɗin ta duba ko ya dace da abin da ke ciki.

Kowane bayani na kuskure yana da abin da yake hasashe. Idan da gaske awon taro ne ya kawo maimaicin, to lambobin da suka yi daidai za su kasance na dabbobin da aka auna a zama ɗaya, a rana ɗaya, kuma za su bazu a kowane rukuni na gwajin ba tare da zaɓe ba. Abin da ta tarar bai tsaya a nan ba. Ba lamba ɗaya-ɗaya kawai ke dawowa ba, jerin lambobi ne sukutum suke sake bayyana a wasu wurare na jadawalin. Gizo-gizo biyu za su iya motsawa a sakan ɗaya sau ɗaya. Amma a ce sun yi daidai har kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, sau uku ko huɗu a jere, a awo daban-daban, wannan hannun mai kwafa da liƙawa ne ya fi kama, ko da gangan ko bisa kuskure. Ta buɗe fayilolin sauran maƙalun biyu, ta ga irin wannan tabo a cikinsu ma.

A watan Janairun 2020 aka janye maƙalar The American Naturalist, wadda Daniel Bolnick yake babban editanta a lokacin, sauran biyun suka biyo baya. Ta fito fili ta bayyana abin da ta gani da yadda ta gano shi. Wasu da suka yi aiki da Pruitt suka shiga buɗe nasu fayilolin, maƙalun da aka janye daga baya suka haura goma. Shi dai ya musanta ƙage, ya danganta abin da kurakuran sarrafa bayanai. Ya ajiye aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada a 2022, kuma a 2023 jami'ar ta bayyana cewa bincikenta ya same shi da ƙirƙira da jirkita bayanai.

A lura da tazarar: janyewa a farkon 2020, hukunci a 2023. Fiye da shekara uku. Da ta ce sai an tabbatar da laifi za ta janye, da maƙalun sun ci gaba da yawo ana kafa hujja da su duk tsawon wannan lokaci. Tambaya biyu ce mabambanta, kuma ɗalibai da yawa sukan cakuɗa su. Ta farko: shin sakamakon nan abin dogaro ne? Wannan marubuci zai iya amsa ta da fayil da lissafi cikin makonni. Ta biyu: shin wani ya yi da niyya? Wannan aikin kwamitin jami'a ne mai ikon karɓar kwamfutoci, ya kira shaidu, ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa. Janye maƙala yana rataye ne a kan ta farko kaɗai.

Yadda kuskuren gaskiya yake kama

Don a ga bambancin da kyau, a ajiye wani lamari kusa da wannan. Geoffrey Chang na cibiyar bincike ta Scripps ya wallafa siffar wani furotin mai suna MsbA a mujallar Science a 2001. A watan Satumban 2006 Roger Dawson da Kaspar Locher suka fitar da siffar wani ɗan'uwan furotin ɗin, Sav1866, a Nature, kuma ta saɓa da tasa sosai. Chang ya koma ya bi sawun aikinsa, ya tarar wata manhaja ta cikin gida da suke amfani da ita tana musanya layukan tsaye biyu na bayanai. Wannan musanya ta juya siffar kamar yadda madubi ke mayar da hannun dama hagu. A Disamban 2006 ya sanar da janye maƙalu biyar, uku daga cikinsu a Science. Ya gyara manhajar, aka sake lissafi, siffofin da aka gyara suka fito a 2007.

Maƙalu biyar ba ƙaramar asara ba ce, kuma wasu masana sun yi ta sukar cewa ya kamata ya yi shakka tun da wuri, tunda gwaje-gwajen wasu ɗakunan ba su dace da siffarsa ba. Sukar tana da tushe. Amma ba a kira shi maƙirƙiri ba, kuma dalilin a fili yake. Sababi ɗaya ne, ana iya nuna shi da yatsa, ya bayyana dukkan ɓarnar ba wani sashe nata ba. Ɗanyen bayanai suna nan. Idan aka saka kuskuren sai tsohon sakamako ya dawo, idan aka cire shi sai sabo ya fito.

Wannan na ƙarshe shi ne gwajin da muka fi amincewa da shi. Kuskuren gaskiya ana iya sake aikata shi da gangan a gaban mutane. Ɗalibin da ya ce ya jera layin tsaye ɗaya a jadawali ya manta bai haɗa da sauran ba, sai sunaye suka rabu da lambobinsu, zai iya ɗauko asalin fayil, ya maimaita wannan kuskure, a ga lambobin da aka buga sun fito daidai. Wanda ya ƙirƙira ba shi da asalin da zai koma. Bayaninsa yakan rufe kashi ɗaya na matsalar, idan aka nuna masa sauran sai ya kawo wani sabo, kuma takardun asali sukan zama sun ɓace a daidai wurin da ake nemansu.

Akwai kuma maganar alkibla. Kuskure ba ya san abin da mai bincike yake fata. Idan yatsa ya zame wajen shigar da lambobi, wasu za su taimaki hasashe, wasu su cutar da shi, yawancinsu ba za su canza komai ba. Idan aka ga duk wuraren da ke da tabo sun taru a rukunin da ake buƙatar ya bambanta, kuma da an cire su sakamakon ya baje, to abin ya wuce zamewar yatsa. Sai dai a yi hattara da wannan alama, domin kuskuren manhaja guda ɗaya ma yana iya tura komai gefe ɗaya, kuma mutum ya fi saurin binciken lissafinsa idan sakamako ya ba shi haushi fiye da idan ya faranta masa. Shi ya sa kurakuran da suke tsira har a buga su sukan zama masu daɗin ji. Alkibla ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an haɗa ta da rashin sababi da rashin asali.

Ƙa'idar gwamnatin Amurka ta shekarar 2000, wadda jami'o'i da yawa a duniya suka ɗauki fasalinta, ta ware laifi uku: ƙirƙirar bayanan da ba a samo ba, jirkita ko ɓoye waɗanda aka samo, da satar aikin wani. Ta faɗa ƙarara cewa kuskuren gaskiya da saɓanin ra'ayi ba sa ciki. Amma ta ƙara da cewa laifi yana tabbata idan an yi da niyya, ko da sani, ko da ganganci. Kalmar sani ɗin nan ita ce ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ranar da ka buga kuskure ba ka sani ba, ba ka yi laifi ba. Ranar da ka gano shi ka yi shiru, ka ci gaba da saka maƙalar a takardar neman aiki, ka gina babi na gaba a kanta, matsayinka ya canza.

Abin da za a yi, daga ranar farko

Abu na farko shi ne kada a taɓa fayil ɗin. Wannan ya saɓa wa abin da zuciya ke so, domin hannu yakan yi sauri ya gyara gurbin da ya lalace ya adana. Yin haka yana goge shaidar da za ta wanke ka, kuma yana canza ranar da kwamfuta ta rubuta a kan fayil, abin da daga baya zai yi kama da ɓoye sawu. A kwafi komai zuwa wani wuri dabam: ɗanyen fayil kamar yadda ya fito daga na'ura ko daga hannun wanda ya turo, imel ɗin da ya zo da shi, umarnin lissafi, da sigar da aka tura wa mujalla. A ɗauki hoton shafukan littafin ɗakin gwaji ko takardun tambayoyi. Duk aikin bincike a yi shi a kan kwafi. A buɗe takarda guda a riƙa rubuta rana da abin da aka gani da wanda aka gaya wa.

Daga nan sai a auna girman ɓarnar. Ga jadawalin Excel, idan awon yana layin tsaye na B, wannan zai nuna sau nawa kowace ƙima ta bayyana:

```
=COUNTIF(B:B,B2)
```

Don kama jeri mai maimaituwa, a haɗa awo uku na kowane layin kwance, wato na B da C da D, su zama abu ɗaya a layin F, sannan a ƙirga shi a layin G:

```
=B2&"|"&C2&"|"&D2
=COUNTIF(F:F,F2)
```

Duk inda amsa ta wuce 1 a shafa masa launi, sannan a duba inda launin ya taru: a rana ɗaya, a hannun mai awo ɗaya, ko a rukuni ɗaya? Wannan taswira ita ce za ta gwada duk bayanin da wani zai kawo. Ana kuma duba lambar ƙarshe ta kowane awo, domin a agogo ko ma'auni na lantarki ya kamata 0 zuwa 9 su fito kusan daidai wa daida. Amma idan da ido ake karanta ma'aunin, mutane sukan karkata ga 0 da 5, kuma wannan ba ƙage ba ne, ɗabi'ar ido ce.

Sai a ɗauki samfuri a koma takarda. Layi 30 ko 50 da aka zaɓa ba tare da son rai ba, a gwada kowanne da abin da aka rubuta da hannu ranar awo. A wajenmu wannan mataki ya fi shafar masu binciken da ke raba takardun tambayoyi ta hannun mataimaka. Ɗalibi ya ba mutum takarda 100 ya kai ƙauyuka, ta dawo a cike, shi bai taka ƙafarsa can ba. Idan rubutun hannu ɗaya ne da biro ɗaya, amsoshin tambayoyin buɗe baki suna maimaita jimla ɗaya, ko an ce an yi hira 40 ta minti talatin-talatin a yini guda, wato awa 20, to an zauna a gindin bishiya ne an cike. Matsayin wannan ɗalibi daidai yake da na Laskowski: bai ƙirƙira ba, amma sunansa ne a kan abin da aka ƙirƙira, kuma gyaran yana wuyansa.

Bayan haka a sake lissafin sau biyu, da wuraren da ake shakka da kuma ba tare da su ba, a jera tsofaffin lambobi da sababbi gefe da gefe, jadawali bayan jadawali. Kada wannan ya wuce mako ɗaya ko biyu kafin a sanar da mai duba aikin da sauran marubuta, kuma a rubuce. Ko an fara faɗa da baki a ofis, a bi shi da imel a ranar. Kalaman su tsaya a kan abin da aka gani: a fayil kaza, layi na 41 zuwa 58 daidai suke da layi na 112 zuwa 129, ban gano dalili ba, ina neman takardun asali na waɗannan ranaku. Ba a rubuta wane ya yi coge ba. Jimlar farko kowa zai iya buɗe fayil ya tabbatar. Ta biyu tuhuma ce da ɗalibi ba shi da ikon tabbatarwa, kuma tana iya kai shi gaban lauya. A lamarin Pruitt ma wasiƙun lauyoyi sun isa ga mujallu da abokan rubutu a 2020.

Gyara ko janyewa

Ma'aunin guda ɗaya ne: bayan an gyara, shin babban abin da maƙalar ta ce yana nan tsaye? A ɗauki misali. Ɗaliba ta buga cewa wani taki ya ƙara amfanin gero da kashi 18 cikin ɗari. Ta gano ta shigar da nauyin fuloti biyu a giram maimakon kilo. Da ta gyara sai ƙarin ya koma kashi 15, bambancin kuma yana nan da ƙarfinsa. Wannan gyara ne, abin da mujallu ke bugawa da taken Correction ko Corrigendum. Idan kuwa da ta gyara ƙarin ya koma kashi 3 kuma lissafi ya nuna ba a iya raba shi da sa'a, to taken maƙalar da taƙaitawarta sun zama ba gaskiya ba, sai janyewa, wato Retraction, ko da kuskuren bai wuce gurbi biyu ba. Girman kuskure ba shi ake aunawa ba, abin da ya rusa ake aunawa. Wasu mujallu suna yarda a janye a maye gurbi da sigar da aka gyara idan kuskuren na gaskiya ne kuma aikin yana da sauran amfani, don haka yana da kyau a tambaya.

Akwai hali na uku, kuma shi ne na gizo-gizon. Idan ba a san yadda tabon ya shiga ba, ba a gyara ta hanyar cire layukan da aka kama a bar sauran. Wanda ya ga jeri ashirin da aka kwafa bai san ko akwai wasu da aka ɗan taɓa lambar ƙarshensu yadda ƙirga ba zai kama su ba. Fayil ɗin gaba ɗaya ya rasa amana. A nan janyewa ce kawai hanya, ko da ragowar lambobin sun ci gaba da ba da sakamako mai kyau.

Marubuci yana nema ne, edita ke yanke hukunci. Ƙungiyar COPE, wadda editoci suka kafa a 1997, ta fitar da ƙa'idojin janyewa a 2009 ta sabunta su a 2019, kuma yawancin manyan mujallu da su suke aiki. Ƙa'idojin sun ce manufar janyewa ita ce gyara abin da aka wallafa, ba hukunta marubuta ba, kuma edita zai iya janyewa ko da wasu marubutan ba su yarda ba. Wannan yana da amfani ga ɗalibin da malaminsa ya ce a bar maganar. Idan bincike zai ɗauki lokaci, edita na iya manna sanarwar Expression of Concern a kan maƙalar don masu karatu su yi hattara kafin a gama.

Wasiƙar zuwa ga edita ba ta buƙatar wuce shafi ɗaya. A sa taken maƙalar da lambarta ta DOI. A faɗi abin da aka gano da ranar da aka gano shi, jadawali da zane nawa ya shafa, sababin idan an san shi, tsohon sakamako da sabo, abin da ake nema, da sunayen marubutan da suka amince da waɗanda ba su amsa ba. A haɗa da fayilolin. A kuma aika da daftarin sanarwar da ake so a buga, domin idan ba a rubuta ba wani zai rubuta, kuma sau da yawa abin da zai fito jimla ce guda marar bayani wadda ke barin kowa cikin zargi. Sanarwa mai kyau tana cewa wane ne ya nemi janyewa, mene ne ya lalace, a wane mataki, kuma wa ya yi wannan matakin idan an tabbatar. Misali: marubuta sun nemi janye wannan maƙala bayan marubuciya ta farko ta gano cewa umarnin lissafi ya karanta rukuni na biyu sau biyu, kuma da aka gyara bambancin da ke jadawali na 3 ya ɓace. Mai karanta wannan ya san kuskure ne, ya san wa ya tona shi.

Editoci sukan yi jinkiri. Idan mako uku ko huɗu suka wuce ba amsa, a sake rubutawa, a sa ofishin kamfanin da ke buga mujallar a kwafi. Idan mujallar irin wadda ke karɓar kuɗi ta buga komai ce kuma ta ƙi kulawa, ko ta nemi a biya kafin ta janye, a ajiye shaidar wasiƙun, a sa bayanin gyaran a rumbun jami'a ko duk inda aka ajiye kwafin maƙalar, a daina kafa hujja da ita.

Inda abin ya fi tsauri shi ne idan bayanan daga hannun na gaba suka fito, ko mai duba aikin ya ce a rufe. Ɗalibi yana tsoron digirinsa, kuma tsoron ba na banza ba ne. Hanyar da ta fi kare shi ita ce ya bi matakai a rubuce: malamin da farko, da wa'adi mai ma'ana na kawo takardun asali, idan ba a samu ba, mai kula da karatun gaba da digiri na sashe ko shugaban sashe, sannan makarantar karatun gaba da digiri ko kwamitin ɗa'ar bincike. Kafin ya ɗaga maganar ya tabbata kwafin komai yana hannunsa a wajen kwamfutar ɗakin gwaji, ya kuma nemi wani babban malami da ba ya cikin aikin ya duba lissafinsa, domin mai tuhuma ma yana kuskure. Kada ya fara da shafukan sada zumunta. Kuma kada ya sa hannu a kan gyaran da ya san bai faɗi gaskiyar girman matsalar ba, domin wannan sa hannun sabon aiki ne da aka yi da sani.

Game da tsoron cewa janyewa tana kashe suna, akwai abin da aka auna. Nazarin da Ferric Fang da abokansa suka buga a 2012 a kan maƙalu 2,047 da aka janye a fannin lafiya da ilimin halittu ya nuna kusan kashi 67 cikin ɗari saboda rashin gaskiya ne, kusan kashi 21 kuma kuskure. Shi ya sa mutane ke yi wa kalmar kallon tuhuma, kuma shi ya sa bayanin da ke cikin sanarwa yake da nauyi. Amma wani nazari na Susan Lu da abokanta a 2013 ya gano cewa raguwar ambaton tsofaffin ayyukan marubuci bayan janyewa ba ta bayyana ga waɗanda suka kai rahoton kuskurensu da kansu. Laskowski ta rasa maƙalu uku a farkon aikinta, ta kuma ci gaba da gudanar da ɗakin bincikenta a Davis.

Sanarwar mujalla ba ta share sauran wuraren da kuskuren ya shiga. Idan babin kundin digiri ne, a rubuta wa makarantar karatun gaba da digiri da ɗakin karatu a nemi a liƙa takardar gyara a kan kwafin da ke rumbu. Idan kuwa babin shi ne ƙashin bayan kundin, jami'a ce za ta yanke abin da za a yi, kuma gara ta ji daga bakin mai shi. A sabunta bayanan da aka ajiye a rumbu ta hanyar ƙara sabuwar siga da bayani, ba goge tsohuwa ba. A sanar da wanda ya ba da kuɗin binciken. A duba waɗanda suka ambaci maƙalar, a rubuta wa duk wanda ya sa lambobinta cikin nasa lissafin, musamman masu tattara sakamakon bincike da yawa su fitar da matsakaici, domin su ne kuskuren ke shiga aikinsu kai tsaye. A takardar tarihin aiki kuma ba a cire maƙalar a yi kamar ba a taɓa yin ta ba: a bar ta a wurinta, a rubuta an janye, da shekara, da lambar DOI ta sanarwar.